Yallaɓai, ga abin da za ka faɗa wa sabon mai askinka

Assalamu alaikum Yallaɓai. Ya baƙunta, ya Abuja? Na ga hoton da ka turo, kuma gaskiya ba sanƙon ne ya ƙaru cikin wata biyu ba, askin ne ya tona shi. Yaron ya bar maka gefe da ƙeya baƙi wuluk, sai tsakiyar kai ta fito fili. Ka nuna masa saƙon nan kafin ya kunna kilifa.

Ido ba ya ƙirga gashi, bambanci yake gani. Gashinka na gefe da ƙeya yana nan da cikarsa, na tsakiya ne ya yi shara-shara. In aka bi kan duka da lambar kilifa iri ɗaya, gefe zai yi duhu, tsakiya ta yi haske, wanda ke sahun bayanka a masallaci ma sai ya lura. Don haka mai yawan ake ragewa ya sauko ya tarar da maras yawan.

Ga yadda nake yi maka. Daga saman kunne zuwa ƙeya, robar kilifa mai rabin lamba, wato milimita 1.5. Ya hau sama kaɗan ya koma lamba 1, milimita 3. Saman kai kuwa, daga goshi har inda gashin ya fara sirancewa, lamba 2, milimita 6. Ya saje su sannu a hankali yadda ba wanda zai iya nuna inda wannan ta ƙare waccan ta fara. Ba askin 'yan ƙwallo nake nufi ba, kada ka je ofis a yi ta kallonka.

Tsakiyar ita ce wurin da zai natsu. A nan gashi ke juyawa kamar murfin faifai, kowane ɓangare da inda ya kwanta. Ya fara taje shi a bushe, ya duba kwanciyarsa, sannan ya bi da kilifa ta inda gashin ya nufa. In ya yi gaba da gashin, wato ya tare shi, kilifa za ta ci fiye da lambar da aka sa, fata ta bayyana. Robar ɗaya ce, amma sakamakon ba ɗaya ba. Yawancin yaran da ke sauri a nan suke ɓata aiki: su ɗauko hanya daga ƙeya, su wuce har goshi ba tsayawa. Kewayen wurin kuma, inda gashin ke da ƙarfi, nan zai tare gashin da gangan, don ya ɗan fi tsakiyar gajarta, duhun ya daidaita.

Na san ranka yana raya maka ka tara suma ta rufe wurin. A'a, Yallaɓai. Da farko-farko dabarar takan yi, domin gashinmu mai nannaɗewa ne, in aka taje shi ya tashi yakan ɓoye fata. Naka ya wuce nan. In ya yi tsawo sai ya dunƙule gida-gida, fata ta leƙo ta tsakani, ga shi kai mai hula ne daga safe har yamma. Hula na danne sumar, kana cirewa don alwala wurin ya kwanta, gefe kuma ya tashi tsaye. Gajeren gashi ba ruwansa da hula.

Gyaran fuska: ya bi layin goshi inda Allah ya ajiye shi, kada ya tura shi baya don neman miƙewa. Kana fama da baya, kada a buɗe maka gaba. Saje ya haɗe da gemu, gemun a bar shi da cikarsa a gyara bakinsa, don yana janyo idon mutane ƙasa zuwa fuska. In ya ɗauko baƙin nan da ake fesawa ko shafawa, ka ce ka gode, mun riga mun yi magana ba ka so.

Gashi na tsirowa kusan santimita 1 a wata, kuma na gefe zai riga na tsakiya cika, shi ya sa askin nan ba ya jure jira. Kada ka wuce kwana goma, in ka yi jinkiri mako biyu. Idan ya gama, ka karɓi ƙaramin madubi ka fita bakin shago ka duba ƙeyarka da hasken rana, domin fitilar shago ba ta faɗin gaskiya.

Ran da ka ga tsakiyar ta fara sheƙi, babu ko ɗan tsiro, lamba 2 ta daina aiki. Sai a sauko da kan duka zuwa rabin lamba, ko a yi ƙwal-kwabo a bar gemu. Ba ka kai nan ba tukuna. In an yi askin ka turo min hoto ta baya da ta gefe. A gaida Hajiya da yara.