Yadda Haruffan Dalma Suka Kai Littafi Hannun Talaka

Kakana yana da littattafai bakwai, dukkansu rubutun hannu, kowanne cikin gafakarsa. Ba a taɓa su sai da izininsa, kuma in ɗalibi yana son ɗaya, sai ya zo zaure ya zauna ya kwafa, wata biyu ko uku yana fama da alƙalami da tawada. Ni kuwa yau jikan nasa, in na shiga kasuwa da kuɗin cefanen rana ɗaya, ina iya fitowa da littafi a aljihu. Abin da ya cike wannan tazara shi ne ɗan guntun ƙarfe, bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, mai ɗauke da harafi ɗaya a bakinsa.

Buga rubutu ya girmi Turawa da nisa. Mutanen Sin sun daɗe suna sassaƙa shafi guda a jikin allon katako, su shafa tawada, su ɗora takarda. Akwai littafin addinin Buda da aka buga haka mai ɗauke da shekarar 868, kuma yana nan har yau. Aibin allon shi ne shafi ɗaya kaɗai yake bugawa. In kana son wani shafin, sai ka koma sassaƙa. A shekarun 1040 wani mutum mai suna Bi Sheng ya yi dabarar ƙera kowace alama ita kaɗai da yumɓu, ya gasa ta a wuta, ya jera su a faranti, in ya gama bugu ya wargaza ya sake jera wani shafin. Koriyawa suka ɗauki dabarar suka yi ta da ƙarfe, har suka buga littafin da ake kira Jikji a 1377, wanda ke ajiye a birnin Paris yanzu. Sai dai rubutun Sin alamu dubbai ne, mai bugu yana bukatar ɗaki guda na akwatuna kafin ya fara aiki, don haka allon katako ya ci gaba da riƙe kasuwa a can.

A Turai kuwa haruffa ashirin da 'yan kai ne. Wannan ya taimaki Johannes Gutenberg, mutumin Mainz ta ƙasar Jamus, wanda ya san aikin ƙarfe da zubi. Wajen 1450 ya haɗa abubuwa da dama wuri guda. Yakan sassaƙa harafi a bakin ƙarfe mai tauri, ya buga shi cikin tagulla ya bar gurbi, sannan ya sa gurbin cikin ɗan mazubi na hannu ya kwarara narkakkiyar dalma da aka gauraya da kuza. Nan take harafi ya fito, a sake zubawa wani ya fito, duk tsayinsu ɗaya. Ya yi tawada mai mai, domin ta ruwa ba ta kama ƙarfe, ya kuma kwaikwayi mamatsar inabi ta manoman yankinsu don danna takarda. Wajen 1455 ya gama Baibul ɗinsa na harshen Latin, mai layi 42 a shafi, kimanin kwafi 180.

Mutane da yawa in sun zo nan sukan ce shi ke nan, littafi ya zama na kowa. Ba haka abin ya faru ba. Wannan Baibul shafi fiye da 1,200 ne, cikin manyan mujalladai biyu. Wasu kwafin a kan fata aka buga su, kowane ɗaya ya ci fatun 'yan maruƙa kusan 170. Majami'u da gidajen ibada da attajirai ne suka saya. Shi kansa Gutenberg bashi ya ci wurin wani mai kuɗi, Johann Fust, gilda 800 har sau biyu, kuma a 1455 Fust ya kai shi ƙara ya yi nasara. Maɗaba'ar da ta yi suna bayan nan ta Fust ce da Peter Schöffer, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Gutenberg.

A 1462 rikicin neman kujerar babban limamin cocin Mainz ya kai ga an ci garin da yaƙi, ma'aikatan ɗab'i da yawa suka watse da sana'arsu a ka. Jamusawa biyu, Sweynheym da Pannartz, suka kafa maɗaba'a a Subiaco ta Italiya wajen 1465, sannan suka koma Rum. Venice ta samu tata a 1469, Paris a 1470, William Caxton ya kafa ta farko a Ingila a 1476. Kafin 1500 garuruwan Turai fiye da ɗari biyu suna bugu, kuma littattafan da suka fito sun kai miliyoyi. Daga nan sana'ar ta bi jiragen ruwa: Meziko a 1539, Goa ta Indiya a 1556.

Akwai lissafi guda daga birnin Florence da nake so ƙwarai, domin ya nuna inda sirrin yake. A 1483 wata maɗaba'a ta karɓi fulorin uku a kan kowace ƙullin takarda don buga fassarar ayyukan Aflaton, masanin falsafa na tsohuwar Girka. Mai kwafa da hannu zai iya yin wannan ƙullin a fulorin ɗaya, kenan ya fi araha. Amma shi kwafi ɗaya zai ba ka, maɗaba'ar kuwa ta fitar da 1,025. Wahalar tana wajen jera haruffa. Da zarar an jera, kwafi na ɗari da na dubu kuɗin takarda da ƙwadago kawai suke ci. Sai dai wannan ya haifar da sabuwar damuwa da mai kwafa bai taɓa sani ba. Shi ba ya ɗaukar alƙalami sai an ba shi aiki, mai maɗaba'a kuwa ya zuba jarinsa tun kafin ya ga mai saye. A 1472 an rubuta wa Fafaroma koke a madadin Sweynheym da Pannartz cewa gidansu ya cika da littattafan da ba a saya ba, abin masarufi kuwa babu. Manyan littattafan Latin suke bugawa, masu iya karanta su kuma ba su da yawa.

A ganina wannan kwantai shi ne ya yi wa talaka rana. Mai maɗaba'a da bashi ya sha masa kai dole ya nemi sababbin masu saye, kuma ba zai same su a fada ko a gidan ibada ba, waɗancan sun riga sun ƙoshi. Sai ya juya ga ƙananan kaya: kalanda, littafin koyon baƙi na yara, addu'o'i, waƙoƙi, bayanin magani, lissafin fatake, labarin yaƙi a takarda ɗaya. Gutenberg ma ya buga irin waɗannan, har da ƙaramin littafin nahawun Latin na 'yan makaranta. Yawancinsu ba su rayu ba, domin an karanta su har sun yage. Shi ya sa in ka shiga gidan tarihi babban Baibul za a nuna maka, alhali abin da ya shiga gidan maɗinki da mai niƙa ya riga ya zama ƙura. 'Yan koli suka ɗauki waɗannan takardu suna bin ƙauyuka da su tare da allura da zare.

Girman littafi ma ya sauya. A da akan ɗaure littafi da sarƙa a jikin teburin ɗakin karatu don kada a sace, kamar yadda ake gani har yau a cocin Hereford ta Ingila. A 1501 Aldus Manutius na Venice ya fara fitar da ayyukan magabata cikin ƙaramin tsari da hannu ɗaya ke riƙewa, da siraran haruffa masu karkata. Ɗalibi ya sami abin da zai sa a jaka ya yi tafiya da shi, ya yi rubutu a gefensa ba mai tsawata masa, tunda nasa ne.

Sai batun harshe. Littafin Latin ko kyauta aka ba manomi ba shi da amfani gare shi. Da Martin Luther, wani malamin coci Bajamushe, ya fara jayayya da cocin Rum a 1517, sai ya rungumi Jamusanci, yana fitar da ƙananan ƙasidu masu araha da ake sake bugawa gari gari. Fassararsa ta Sabon Alkawari ta fito a watan Satumba na 1522, a watan Disamba aka sake buga ta. Masu mulki suka gane cewa wanda ya mallaki littafi yana iya yi wa malami gardama. William Tyndale, da ya buga Sabon Alkawari da Ingilishi a 1526, kashe shi aka yi a 1536. A 1559 Rum ta fitar da jerin littattafan da ta haramta. A arewacin Italiya an kashe wani mai injin niƙa da ake kira Menocchio a ƙarshen ƙarnin, saboda ra'ayoyin da ya haɗa daga 'yan littattafan da ya saya ko ya ara. Labarinsa yana taɓa ni: shekara ɗari kafin shi, mai niƙa ba zai ma sami littafin da zai jawo masa tuhuma ba.

Duk da haka kada a zarce. Takarda da tsummoki ake yin ta, kuma tana da tsada. Littafi akan sayar da shi ba bango, mai saye ya biya kuɗin ɗinki daban. Mafi yawan mutanen ƙauye, musamman mata, ba su iya karatu ba, sai dai mutum ɗaya ya karanta, goma su saurara. Araha ta gaske sai a ƙarni na 19, lokacin da injin tururi ya shiga maɗaba'a, kamar wanda jaridar The Times ta Landan ta fara aiki da shi a 1814, aka kuma koma yin takarda da itace, makarantu suka yawaita.

Haruffan Larabci sun bi hanya dabam. Suna haɗuwa da juna, siffar harafi tana sauyawa a farko da tsakiya da ƙarshe, ga wasali sama da ƙasa, don haka zubinsu aiki ne ja. Alƙur'anin da aka buga a Venice wajen 1538 ya fito da kurakurai, bai karɓu ba. Ibrahim Muteferrika ya sami izinin sarkin Daular Usmaniyya a 1727, ya fitar da littafinsa na farko a Istanbul a 1729, amma ban da littattafan addini. Masar ta kafa maɗaba'ar Bulaƙ a farkon shekarun 1820. Abin da ya fi kwanta wa Musulmi a rai shi ne bugun dutse, inda gwani zai rubuta shafi da hannunsa, a ɗauki hoton rubutun yadda yake a yawaita shi. Irin wannan tunani ne ya sa littattafan da ake sayarwa a bakin masallatanmu da kasuwar Kurmi ta Kano, na Larabci da na ajami, da yawansu rubutun hannun Magaribi ne aka buga, ba jeren dalma ba.

Mu nan takardar Turai ta riga injinta isowa da ƙarnuka. Fatake sun riƙa kawo takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku ta hanyar Tarabulus, malamanmu suna rubutu a kanta. Haruffan dalma sun shigo Najeriya ta kudu, Kalaba a 1846, Abeokuta ta fitar da jarida a 1859. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Kafin a buga Hausar boko daidai, sai da aka ƙera wa ƙ da ɗ da ɓ nasu haruffan, domin akwatin Bature ba shi da su. Mahaifina ya ce littafin farko da ya saya da kuɗinsa bugun Zariya ne, ya kawo shi gida ya nuna wa kakana. Tsohon ya juya shi, ya shinshina tawadar, ya tambayi wa ya rubuta masa. Da aka ce masa akwai irinsa dubu a kanti, sai ya yi shiru, can ya sa aka ɗinka wa littafin gafaka, ya ajiye shi na takwas.