Takardar sallamar Malam Sani direba da shaidar aikinsa

Surulere, Legas
Alhamis, 31 ga Yuli, 2025

Malam Sani,

Assalamu alaikum. Maganar da muka yi da kai ranar Juma'a bayan mun dawo daga masallaci ce na ga ya dace in sa a takarda, don kowa ya riƙe kwafi.

Kamar yadda ka sani, na ajiye aiki, kuma ni da Hajiya za mu koma Katsina a farkon Satumba. Na yi maka tayin ka bi mu, ka ce yaranka suna makaranta a Agege, uwargida kuma tana da sana'arta a nan. Gaskiyarka ce, ban ji haushi ba. Saboda haka aikinka a gidan nan zai ƙare ranar Asabar, 30 ga Agusta, 2025. Wannan takarda ita ce sanarwar wata guda, wadda dokar ƙwadago ta tanada ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye a wurin aiki. Ba laifi ka yi ba. Duk wanda ya tambaye ka dalili, ka nuna masa wannan layin.

Ga lissafin haƙƙinka. Albashin Agusta cikakke, naira 120,000. Hutun mako biyu na bana da ba ka samu ka tafi ba saboda jinyar Hajiya, naira 60,000. Kuɗin sallama na lissafa maka rabin albashi a kan kowace shekara, shekara bakwai ke nan tun Satumban 2018, ya kama naira 420,000. Jimla naira 600,000, kuma za su shiga asusunka ranar Juma'a, 29 ga Agusta, kafin ka miƙa makulli, ba bayan ka miƙa ba.

Sai batun rancen kuɗin haya da ka karɓa bara. Ka biya naira 60,000 cikin 100,000, saura 40,000. Hajiya ta ce kada in kuskura in cire ko kwabo, ni ma dama ban yi niyya ba. An yafe. Wayar da ke hannunka ma ka riƙe. Abin da za ka dawo da shi kawai makullan mota guda biyu, takardunta da makullin get. In ka ga na yi kuskure a lissafi, ko akwai wani aikin dare da na manta ban biya ba, ka faɗa mini kai tsaye, kada kunya ta hana ka.

Cikin watan nan duk ranar da aka kira ka ganawa a wani wurin aiki, ka tafi abinka, ba za a yanke maka komai ba. In mun saɓa maka a zaman nan, musamman faɗan da nakan yi in mun makale a gadar Third Mainland kamar kai ka haɗa cunkoson, ka yafe mana.

Naka,
Alhaji Kabiru

Shaidar aiki, ga duk wanda ya karanta

Malam Sani ya tuƙa ni da iyalina a Legas daga Satumban 2018 zuwa Agustan 2025. Mun rabu ne don na bar garin.

Daga Agege yake tasowa, amma kafin ƙarfe shida da rabi na safe yana ƙofar gidana a Surulere, ko da ruwa ake yi. Wanda ya san hanyar nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lasisinsa na tuƙi da katin direbobi na jihar Legas ba su taɓa ƙarewa a hannunsa ba. A shekara bakwai sau ɗaya aka goge mana mota, a Oshodi, kuma mai danfo ne ya shigo masa. Ya san Apapa, Ikoyi da Lekki lungu-lungu, ya sha kai mu Katsina ya dawo lafiya. Yana duba mai, ruwa da taya kafin ya tayar da mota, yana jin Yarbanci da Turancin Buroka, abin da ya sha fitar da mu a wurin bakanike.

Shi yake kai 'ya'yana mata makaranta tun suna firamare, ban taɓa jin ƙorafi ba. Canjin kuɗin mai kuwa, ko naira 200 ce sai ya dawo da ita da rasit. Abu ɗaya zan faɗa don kada a ce na ɓoye: ba ya gudu, ko an makara. Mai son direban da zai bi hannun da ba nasa ba don a isa da wuri, ba Malam Sani yake nema ba.

Mai son ƙarin bayani ya karɓi lambata a wurinsa ya kira ni, zan amsa da kaina.

Alhaji Kabiru
Surulere, Legas