Tsarin Abin da Za Mu Ɗora na Mako Guda: Shagon Ɗinkin Yaya Rabi, Aboabo, Kumasi

Yaya, na zauna na duba duk abin da muka ɗora a watan jiya. Hoton riga ne rataye a ƙusa, gobe ma riga rataye a ƙusa. Mutane suna cewa "Masha Allah" su wuce, ba wanda ya tambayi kuɗin ɗinki. Wannan makon so nake mu cakuɗa: wata rana su ga hannunki yana aiki, wata rana mu koya musu abu, sau ɗaya tak mu yi maganar kuɗi. Bukukuwan Disamba sun ƙarato, gara mu cika littafin awo tun yanzu.

Hotunan duka, ban da na ranar ƙarshe, ranar Lahadi 2 ga Nuwamba za mu ɗauka, da hantsi, a bakin ƙofa inda haske yake. Fitilar cikin shago tana mai da shuɗiyar shadda kamar toka. Adiza ta goge kayan tun daren Asabar, kada a ɗauke wuta mu tsaya kallon juna.

Litinin 3, ƙarfe 7 na safe, sitatus na WhatsApp. Atamfofi uku da muka sayo a kasuwar Kejetia, a shimfiɗe kan teburin yanka. Rubutu: "Wacce za mu fara sa wa almakashi? Ta ɗaya, ta biyu ko ta uku?" Wadda ta fi samun ƙuri'a ita za a ɗinka.

Talata 4, bayan Isha'i, TikTok da Facebook. Bidiyon daƙiƙa 30: ki ja alli, ki yanka, ki hau keke. Hannu kawai, tunda kin ce ba kya son fuskarki ta fito. Ba kiɗa. Ƙarar keken ta fi daɗi, kuma Baba ba zai yi faɗa ba.

Laraba 5, da azahar. Ranar koyarwa, kuma a ganina ita ce za ta fi jawo mana mutane, don irin wannan ne mata suke turawa juna. Rubutu: "Kafin ki kawo yadi shidanki, ki jiƙa ɗan ƙyallensa a ruwa ki goga a farin tsumma. In ya zuba, ki gaya mana, kada mu sa masa farin shafi. Ranar awo kuma ki zo da takalmin da za ki sa ran biki, da shi ake gane tsawon siket." Kin tuna rigar da muka warware kalmasarta sau biyu saboda mai ita ta zo awo da silifa, ta je biki da takalmi mai tsini? Ba zan ba da labarin ba, amma daga nan na samo shi. Wannan zan rubuta shi da Turanci ma a ƙasa, saboda kwastomominmu Asante na Oforikrom.

Alhamis 6. Hoton Hajiya cikin leshin da ta sa ran sunan jikarta. Na tambaye ta, ta yarda, da sharaɗin a yanke daga wuya. Wanda bai ce "na yarda" da bakinsa ba, hotonsa ba ya hawa.

Juma'a 7, ƙarfe 6:30 na safe. Gaisuwar Juma'a da kaftanin yaro mai aiki a wuya. A hoto na biyu, rigar atamfa ta zuwa ofis. Tun 2004 gwamnatin Ghana ta ƙarfafa sa kayan gida ran Juma'a, ma'aikatan Adum kasuwa ce da muke bari tana wuce mu.

Asabar 8, ƙarfe 10 na safe, ko'ina. Yau ce ranar kuɗi, a faɗa fili ba kunya: "Kaba da siket sidi 180. Doguwar riga mai shafi sidi 220. Kaftanin yaro sidi 90. Ɗinkin Disamba mutum 25 kawai za mu karɓa, mu rufe littafi ran 22 ga Nuwamba. Rabin kuɗi kafin alƙalami, a hannu ko ta MoMo." Yaya, don Allah in mun ce 25 ya zama 25, ko ƙawar Mama ce ta zo da kuka. Da daddare zan sake ɗora shi, na kuma maimaita ran Litinin, tunda sitatus awa 24 yake yi ya ɓace.

Lahadi 9. Atamfar da ta ci ƙuri'ar Litinin, a ɗinke, Fati ta sa ta juya. Shi ke nan, a huta.

Saƙonni ni zan riƙa amsawa bayan La'asar da bayan Isha'i. Duk wadda ta tambayi kuɗi zan rubuta ranar da ta tambaya a bayan littafin awo, mu ga wace rana ce ta fi kawo mutane. Abin da nake buƙata daga wurinki kafin Lahadi: sidi 30 na data, sannan ki tabbatar min da kuɗin doguwar rigar, don jiya na ji kin ce wa wata 200.

Ƙanwarki,
Zainabu