Baba Alhaji a kemis: wasan koyon Larabci na ajin yamma, Jidda

Ku zama bibbiyu. Ɗaya Baba Alhaji ne, kwanansa biyar a Makka, sanyin na'urar masallaci ya sa masa mura. Ɗayan mai kemis ne. A nan sunan kemis saidaliyya, mai ita kuwa duktur ake ce masa.

Baba: Assalamu alaikum, ya duktur.

Mai kemis: Wa alaikumus salam. Salamtak ya hajj, esh indak? (Sannu Alhaji, me ke damunka?)

Baba: Indi kahha wa zukam, wa halgi yuja'ni. (Ina tari da mura, maƙogwarona kuma yana ciwo.)

Mai kemis: Min mita? (Tun yaushe?)

Baba: Min yomen. (Kwana biyu ke nan.)

Mai kemis: Fi harara? (Akwai zazzaɓi?)

A nan ake yin dariya, to ku yi ta ku gama. Ba tambayarka yake ko wani ya harare ka ba, zafin jiki yake nufi. Haka ma dawa: magani ce, ba ta tuwo ba.

Baba: Shuwayya, bil lel. (Kaɗan, da dare.)

Mai kemis: Indak sukkar? Dagt? Hasasiya? (Kana da ciwon suga? Hawan jini? Akwai maganin da jikinka ba ya so?)

Baba: Indi dagt. Abga mudad hayawi. (Ina da hawan jini. Ina son maganin kashe ƙwayoyin cuta.)

Mai kemis: Lazim wasfa, ya hajj. (Sai da takardar likita, Alhaji.)

Mai yin Baba, kada ka tsaya ja-in-ja kamar a kemis ɗin unguwarku. Dokar Saudiyya ce, ba rowa ba. Zancen hawan jinin kuwa ka faɗe shi ko ba a tambaye ka ba, don wasu magungunan mura suna tayar da shi. Daga nan mai kemis zai miƙa wa Baba wani maganin daban, na sha sau uku a rana.

Mai kemis: Habba talata marrat fil yom, ba'dal akl.

Baba: Ma fahimt. Shuwayya shuwayya. (Ban gane ba. A hankali.)

Mai kemis (yana ɗaga yatsu 3): Habba wahda, ba'dal akl. (Ƙwaya ɗaya, bayan cin abinci.)

Baba: Bikam? (Nawa?)

Mai kemis: Ishrin riyal. (Riyal 20.)

Yanzu ku sauya gurbi, ku kuma sauya ciwon. Indi tana ɗaukar sunan cuta: indi suda', ciwon kai, indi is'hal, gudawa. Yuja'ni kuwa bayan sunan gaɓa take zuwa: rasi yuja'ni, kaina, dahri yuja'ni, bayana. Idan gaɓar ta tsere maka, ɗora yatsa a wurin ka ce hina yuja'ni, nan ke ciwo. Idan Hajiya ce ta shigo, mai kemis ya ce salamtik ya hajja, esh indik.

Waɗanda suka yi makarantar allo, ku kasa kunne: ƙabla da kuka sani ta koma gabl a bakin mutanen Hijaz. Zagaye na biyu, mai kemis ya ce gablal akl, wato kafin cin abinci, mu ga wa zai sha maganinsa bayan ya ƙoshi.