Wasan kwando da faranti na yara, ranar Asabar

Salamu alaikum iyayen yara. Ga yadda wasan zai kasance ranar Asabar bayan la'asar a gidan Hajiya Babba nan Hindawiyya, don Allah ku karanta har ƙarshe kar a zo ana tambayata ina tsakiyar yara 14.

Kowace uwa ta turo ɗanta da abu biyu daga kicin ɗinta, ɗan kaɗan a leda, ba sai an je bakala an kashe ko riyal ɗaya ba. Shinkafa, garin masara, gutsuren tamis, wake, adas, gyaɗa, dafaffen ƙwai, tumatur, jarjir, kuɓewa, kuka, ayaba, dabino, duk abin da ya sawwaƙa. Nama da kifi da kaza kuma zana su zan yi a kwali saboda zafin garin nan.

Zagayen farko na kwanduna ne. Kwando uku zan jera. Na farko masu ba da ƙarfi, wato shinkafa, tuwo, tamis, taliya, mai. Na biyu masu gina jiki, nama, kifi, ƙwai, wake, ful, adas, laban. Na uku masu kare jiki daga cuta, ganye da kayan miya da kayan marmari. Sai wata roba a gefe da muka sa wa suna "sai jefi-jefi", nan bebsi da cibis da alawa za su zauna. A raba yara gida biyu, in na tafa sai ɗaya daga kowane gida ya ruga ya ɗauki abu a kan sufura, ya faɗi sunansa da ƙarfi ya jefa a kwandonsa. Daidai maki 1. In ya faɗi sunan da Hausa da Larabci maki 2, don wallahi akwai yaranmu da sun san bamiya da mulukiyya amma ka ce musu kuɓewa ko lalo sai su tsaya suna kallonka.

Anti Rabi ke za ki riƙe maki, ga wuraren da za a yi gardama tun yanzu ki sani. Dankali yara za su kai shi wajen ganye, a'a, ɗan gidan su shinkafa ne. Gyaɗa tana gina jiki kuma tana da mai, duk kwandon da yaro ya sa a cikin biyun nan ki ba shi makinsa in dai ya faɗi dalili. Dabino kayan marmari ne, amma a tuna musu zaƙinsa da yawa, ba a zama a ci cikin kwano. Lemon kwali mai hoton mangwaro a jiki kuma roba zai tafi ko sun yi kuka.

Zagaye na biyu shi na fi so. Kowane yaro zai samu farantin takarda, an ja layi ya raba shi biyu, rabi ɗaya an sake raba shi biyu. Babban rabin na ganye da kayan marmari ne, kwata ɗaya na tuwo ko shinkafa, ɗayan kwatan na masu gina jiki, kofin ruwa a gefe. Sai in ce "Kaka ta dawo daga Harami tana jin yunwa, a haɗa mata abincin rana", minti 2 kowa ya haɗa. Wani karon karin kumallon ɗan makaranta, wani karon sahur.

Daga nan sai na kawo faranti marar lafiya su yi masa magani. Kabsa ce tsibi guda da cinyar kaza a sama da gwangwanin bebsi, irin dai yadda muke zubawa a gidajenmu, ni ma ban cire kaina ba. Da na gwada da Ummi jiya cewa ta yi "Mama ai kaza za a ƙara", na ce to ina rabin ganyen, ta yi shiru can ta kwashe shinkafar da cokali ta tura tumatur da kokwamba. Abin da ake so su gane kenan, ba a hana kabsa ba, waje za ta matsa. Haka tuwo da miyar kuka, haka indomi, a fasa mata ƙwai a yanka karas da kabeji. Ful da tamis kuwa tumatur da albasa da jarjir kawai yake jira.

Kafin a tashi zan ɗebo sukari a gabansu, ƙaramin cokali 8 zuwa 9 a cikin kofin gilashi, kusan abin da ke cikin gwangwanin bebsi ɗaya mai 330 ml kenan. Ba wa'azi, su dai gani.

Roƙo ɗaya, kar wata ta ce wa yaro kai ƙato ko ke ramammiya, kuma kar a yi dariyar abin da wani ya kawo daga gidansu. In ɗanki gyaɗa ko ƙwai ko madara na ba shi matsala ki faɗa min kafin Juma'a. Gidan da ya ci zai fara zaɓar ayaba da kankana, sauran ma duk za su samu. Maman Walid kar ki manta da kwandunan da tabarma.