Wasiƙar Ma'aji ga 'Yan Adashe

Kofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Bayan gaisuwa, ranar Juma'a na ƙirga kuɗin akwati: naira 180,000, maimakon 200,000. Mutum huɗu ba su zuba dubu biyar-biyar ɗinsu ba, biyu daga ciki ma wannan ne karo na biyu. Ga baiwar Allah mai kwasar wannan wata tana jira, bikin 'yarta ya matso, kafinta ya riƙe gado.

Na san kasuwa ba daɗi, amma dai shiru ba uzuri ba ne. A kawo kafin la'asar ranar Laraba. Wanda ya wuce, tarar naira 500 ta hau kansa, kwasarsa ta koma ƙarshen layi, kuma shugaba zai kira wanda ya tsaya masa. Mai matsala ya same ni a shago.

Naku,
Ma'aji