Abin da Mary ba ta sani ba game da launin ja

A ce an haifi wata yarinya mai suna Mary, aka raine ta a ɗakin da babu komai a cikinsa sai fari da baƙi da ruwan toka. Bango fari ne, littattafanta baƙin rubutu ne a kan farar takarda, talabijin ɗin da take kallon duniya ta cikinsa ma irin na da ne, marar launi. Ga ta da kaifin basira, kuma ba abin da ta zaɓa ta karanta sai ilimin gani. Ta girma ta zama gwana a fannin, har babu wani abu game da haske da ido da ƙwaƙwalwa da ya ɓuya mata. Ta san cewa hasken da tsawon zangonsa ya kai wajen nanomita 700, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na milimita, shi mutane ke kira ja. Ta san cewa a tantanin da ke bayan ido akwai ƙwayoyi iri uku masu siffar mazurari, kowanne da zangon hasken da ya fi motsa shi, kuma daga kwatanta saƙonninsu ne ƙwaƙwalwa ke fitar da launi. Ta san hanyar da saƙon ke bi ta jijiyar ido har ya isa ƙeya, da yadda daga nan ake motsa harshe da leɓe mutum ya ce: "Wannan ja ne."

Sai ranan aka buɗe mata ƙofa, aka miƙa mata nunannen tumatir. Shin ta ƙaru da wani sani da ba ta da shi jiya?

Masanin falsafa ɗan ƙasar Ostareliya, Frank Jackson, shi ya ƙago wannan labari a wata maƙala da ya fitar a 1982, ya sake faɗaɗa shi a 1986. Da shi ya nufi ƙalubalantar masu cewa duk abin da ke akwai, har da abin da mutum ke ji a ransa, ba ya wuce jiki da sinadarai da motsin jijiyoyi. Hujjarsa gajera ce. Mary ta san duk wata gaskiya ta jiki game da ganin launi tun tana ɗaki. Da ta fito ta san wani sabon abu, wato yadda ja yake a idon mai kallonsa. Ashe ke nan akwai gaskiyar da ba ta cikin lissafin jiki.

Kusan duk wanda ya ji labarin karon farko yakan ce lallai ta ƙaru, ai gani ya kori ji. Ni ma a nan nake. Ina iya hango ta tana jujjuya tumatirin a tafin hannu, tana kai shi kusa da ido tana nesanta shi, tana lura da yadda jan ya yi duhu ta gefen inuwa ya yi haske inda rana ta buga, duk lissafin da ta haddace yana nan a kanta amma bakinta ya mutu. Wanda ya ce ba abin da ya same ta a wannan lokaci, ban san da me zai gamsar da ni ba.

An taɓa yin mutumin da ya kusa zama Mary a zahiri. Knut Nordby, masanin ilimin gani ɗan ƙasar Norway, an haife shi ba ya ganin launi ko kaɗan, ya kuma ƙare rayuwarsa yana nazarin gani. Yana iya yi wa ɗalibai bayanin yadda ido ke rarrabe ja da kore, alhali shi haddace launukan abubuwa yake yi don ya iya hira da mutane. Bambancinsu, shi ba ƙofar da za a buɗe masa.

Inda gardama ta yi zafi shi ne wane irin sani ne Mary ta samu. Masana falsafa David Lewis da Laurence Nemirow sun ce iyawa ce ta samu, ba sabon labari game da duniya ba: yanzu tana iya gane ja in ta gan shi, tana iya tuno shi, tana iya kawo shi a zuci idanunta a rufe. Daniel Dennett ya fi su tsanani. A 1991 ya ce matsalar tamu ce, mun kasa hango abin da ake nufi da sanin komai. Ya ba da nasa ƙarshen labarin: a yi mata dabara a miƙa mata ayaba shuɗiya, sai ta ce kun so ku yaudare ni, ayaba rawaya ce, wannan kuwa shuɗiya ce, domin tun tana ɗaki ta lissafa abin da kowane launi zai yi wa ƙwaƙwalwarta. Akwai kuma masu kawo suka ta gefe, cewa ai jininta ja ne, ko kuma idon da ya tashi ba launi ba lallai ya gani daidai ba, tunda masana ilimin jijiyoyi David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna cewa ɗan kyanwar da aka rufe wa ido ɗaya tun yana jariri ba ya samun cikakken gani da shi. Gaskiya ne, amma wannan bai taɓa zuciyar tambayar ba.

A ganina Jackson ya yi daidai a rabin farko, ya yi gaggawa a na biyu. Littafi yana iya bayyana wa Mary halin da ƙwaƙwalwa ke shiga idan ta ga ja, dalla-dalla, amma karanta bayanin ba ya jefa tata ƙwaƙwalwar cikin wannan hali. Likitan da ya san komai game da zazzaɓi ba jikinsa ne zai yi zafi ba don ya karanta. Saboda haka abin da ya faru a bakin ƙofa yana iya zama tsohuwar gaskiya ce ta iso mata ta sabuwar hanya: jiya ta san ta da bayani, yau ta same ta a kanta. Wannan bai tilasta mana cewa akwai wani abu a cikin mutum da ya fita daga dokokin jiki ba. Jackson kansa daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1990, ya janye daga hujjar tasa. Abin da ya dame shi babba ne: idan yadda ja yake a rai ba na jiki ba ne, kuma ba ya motsa komai a jiki, to mene ne ya sa Mary ta ja numfashi ta ce "Ashe haka yake"?

Sai dai ban yarda janyewarsa ta rufe maganar ba. Ko mun amince hanyoyin sani biyu ne zuwa abu guda, da sauran tambayar da ta fi wuya: me ya sa hanya ta biyun take da wani yanayi da ake ji? Ana iya ƙera na'urar da za ta auna haske ta rubuta "ja" ba kuskure, kuma ba mu da dalilin zaton tana jin wani abu. Masanin falsafa Thomas Nagel ya yi irin wannan tambaya a 1974 game da jemage, wanda ke gane hanya da amsa-kuwwar kukansa: ko mun gama sanin kunnensa da ƙwaƙwalwarsa, zama jemage yaya yake ga shi jemagen? Ilimin jijiyoyi yana ta ci gaba wajen nuna wane motsi ne ke tafiya tare da wane ji, kuma aiki ne mai daraja. Har yanzu dai bai nuna dalilin da ya sa motsin da hasken nanomita 700 ke tayarwa yake zuwa da wannan jan ba, maimakon kore, ko maimakon ya wuce ba tare da an ji komai ba.